Rangwamen Haraji Ma Kashe Kuɗi Ne

Tambaya: "Malam, na ji ana cewa idan gwamnati ta yafe wa kamfani haraji, wai kashe kuɗi ta yi. Kuɗin da bai shiga hannunta ba, ta yaya ta kashe shi?"

Assalamu alaikum. Alhaji, bari mu ɗauki misali daga tsarin da Nijeriya ta daɗe tana bi kafin 2026, na ba sababbin masana'antu hutun haraji na shekara 3, wanda akan iya ƙara musu har shekara 2. A ce wata masana'anta ta ci ribar naira biliyan 10 a shekara, harajin manyan kamfanoni kuma kashi 30 cikin ɗari ne, wato biliyan 3 ke kanta. Gwamnati tana iya karɓar biliyan 3 ɗin ta mayar mata da sunan tallafi, tana kuma iya cewa ta riƙe abinta. Ko wace hanya aka bi, masana'antar ta samu biliyan 3, baitulmali kuma ya yi giɓin biliyan 3, wanda dole a cike da bashi, ko ƙarin haraji a kan wasu, ko rage wani aiki. Tunda sakamakon ɗaya ne, masana tattalin arziki suka ce a kira su da suna ɗaya, wato kashe kuɗi, shi rangwamen a ce da shi kashe kuɗi ta hanyar haraji. Stanley Surrey, wani babban jami'in ma'aikatar kuɗin Amurka, shi ya fito da wannan suna a 1967, kuma a 1974 dokar ƙasar ta wajabta lissafa irin wannan rangwame tare da kasafin kuɗi.

Inda abin ya fi damuna shi ne, tallafin da aka rubuta a kasafi sai ya bi ta gaban majalisa kowace shekara, an san adadinsa, ana iya tsayawa a ce ya yi yawa. Rangwame kuwa da zarar ya shiga doka, sai ya ci gaba shiru, kuma yawansa yana bin yawan ribar mai cin gajiyarsa, don haka wanda ya fi ƙarfi shi ya fi samu. Ga shi harajin kamfanoni asusun tarayya yake shiga, a raba da jihohi da ƙananan hukumomi, saboda haka a cikin biliyan 3 ɗin nan har da kason Kano da Katsina, ba tare da an tambaye su ba.

Amma lissafin yana da iyakarsa. Akan ɗauka cewa ko ba rangwame, masana'antar za ta kafu ta ci wannan riba. Idan hutun harajin ne kaɗai ya kawo ta, to babu biliyan 3 da aka rasa, domin da ma ba za a same su ba. Idan kuwa albarkatun ƙasa ko girman kasuwa suka jawo ta, kyauta aka yi mata. Alamar da akan duba ita ce abin da ya faru bayan hutun ya ƙare: ko ta ci gaba tana biyan haraji, ko ta rufe ta dawo da sabon suna tana neman sabon hutu.