Tuwon shinkafa ko omo tuo: abin da za ki rubuta a ƙarƙashin bidiyonki

Hajiya, tambaya biyu kika haɗa. Kin ce kina ɗaukar bidiyon tuwon shinkafa a nan Kano, kina son sanin abin da za ki rubuta a ƙarƙashinsa har mutanenmu na Gana su same shi. Sannan kin ce kin ga matan zango suna rubuta omo tuo, shin mun bar kiran tuwo da sunansa ne, ko Hausar ce ta fara kuɓuce mana.

Ta biyun ta ɗan sosa mini rai, don haka da ita zan fara. A zangon Kumasi, da Nima da Sabon Zango na Accra, a cikin gida tuwon shinkafa muke cewa kamar yadda kuke faɗa a Gwale ko Fagge. Omo tuo sunan da masu ƙasa suka sa masa ne. Omo shinkafa ce a harshen Tuwi, tuo kuwa tuwonmu ne suka ara, kamar yadda suka ari tuo zaafi daga tuwon zafi, da waakye daga wake, da koose daga ƙosai. Kin ga ba mu muka rasa suna ba, su suka karɓi namu. Gaskiya ne mun yi auratayya da Dagomba da Asante da sauransu, kuma Hausar yaranmu takan haɗe "ya" da "ta", abin da ke ba ku dariya. Amma matar ɗanmu da ta shigo gida ba ta jin Hausa sosai, idan za ta nemi yadda ake tuwon da surukarta ke so, omo tuo za ta rubuta a waya. Saboda ita ake sa sunan.

To, ga bayanin. Layi biyu na farko su ne mai kallo ke gani a YouTube kafin ya danna ya buɗe sauran, saboda haka kada ki cinye su da doguwar sallama da roƙon a bi tasharki. Ki fara kamar haka: "Yadda ake tuwon shinkafa mai laushi ba gudaji, da shinkafar tuwo kofi biyu, cikin awa ɗaya bayan jiƙo. A Gana ana kiransa omo tuo." Jimla biyu sun faɗi abinci, da yawansa, da lokacinsa, da ɗayan sunansa.

Wurin kayan haɗi nan ne masu bidiyon Kano suka fi barinmu a baya. Sai a ce "rabin kwano" ko "tiya ɗaya". Mu nan da olonka ake awo a kasuwa, kuma ba daidai take da kwanonku ba. Ki rubuta ma'aunin da zai ƙetare iyaka: shinkafar tuwo kofi 2, wajen giram 400, ruwa kofi 6, wato lita ɗaya da rabi, ƙarin ruwan zafi kofi 1 a ajiye a gefe, garin shinkafa cokali 3 na cin abinci idan za a yi ɗauri. Ki ƙara da cewa zai ba da malmala huɗu zuwa biyar matsakaita. Gishiri kuwa, ku ba kwa sawa a tuwo, mu da yawa mukan ɗan barbaɗa. Ki rubuta "gishiri ga mai so", kowa ya huta.

Kalmar "shinkafar tuwo" ma tana bukatar fassara. Ke kina aika yaro kasuwar Rimi ya ce ta tuwo, mai awo ya gane. Wadda ke nesa ba ta da wannan gatan, sai ta ɗauko ta dafa-duka ta zuba. Ki rubuta ƙarara cewa farar shinkafa ce wadda ba a turara ta kafin a sheme ba, mai fashewa idan ta dahu, gutsattsarin ma sun fi. Wadda aka turara, turarin ya riga ya ƙarfafa ƙwayarta, warwarewa take yi idan ta dahu, da wuya muciya ta haɗe ta. Yawancin masu cewa "na bi yadda kika yi bai yi ba", a nan suka faɗi.

Lokaci iri biyu ne, kada ki cakuɗa su. Akwai na girkin kansa: jiƙo minti 30 zuwa awa ɗaya, dahuwa minti 30 zuwa 40 a wuta matsakaiciya bayan ruwa ya tafasa, tuƙi minti 5, sulala a rufe minti 10 a ƙaramar wuta, sannan a sake tuƙawa a kwashe. Ki sa alama tare da mintin, domin gawayi da gas ba ɗaya ba ne: a ɗauki ƙwaya a murtsuke tsakanin yatsu biyu, idan ta narke ba tsaki a tsakiya, lokacin tuƙi ya yi. Idan aka tuƙa kafin nan, tuwo zai fito da tsaki-tsaki, kuma bayan ya haɗe gyaransa da wuya. Idan ruwa ya ƙare shinkafa ba ta yi ligif ba, ruwan zafi ake ƙarawa, na sanyi yana katse dahuwar. Idan kuma ya yi ruwa, a dama garin nan a zuba, a rufe ya sulala sosai, in ba haka ba ƙanshin ɗanyen gari zai fito. Waɗannan ukun ki rubuta su a bayanin, ko da kin faɗe su da baki a bidiyon.

Na biyu shi ne lokacin bidiyon. A ce naki minti tara ne:

```
0:00 Irin shinkafar da ake bukata
1:10 Wanki da jiko
2:30 Dahuwa
5:00 Tuki da dauri
7:20 Malmala
```

Dole na farko ya zama 0:00, su kai uku ko fiye, kowane kada ya gaza daƙiƙa goma, sannan YouTube ya raba bidiyon gaɓa-gaɓa. Wadda tukunyarta ke kan wuta za ta tsallaka 5:00 kai tsaye.

Saura kalmomin nema. Ki tuna yadda mutane ke rubutu da babban yatsa, yawanci ba sa sa ƙugiyar harufa. Suna rubuta `yadda ake tuwon shinkafa`, `tuwo shinkafa`, `tuwon shinkafa da miyar taushe`, `miyar gyada`, mu kuma `omo tuo`. Kada ki jera su kamar lissafin cefane, YouTube ma ta hana cusa kalmomi barkatai a bayani. Ki saƙa su cikin magana: "A Kano an fi cin tuwon shinkafa da miyar taushe ko miyar kuka, a Kumasi kuwa omo tuo da miyar gyada." Ki bar gyada ba ƙugiya sau ɗaya, sauran rubutun ki yi shi daidai. Kuma idan ba ki nuna miyar a bidiyon ba, ki faɗa a fili cewa tuwo kaɗai ne, don wadda ta zo neman taushe ba ta gani ba fita za ta yi tun minti na farko.

Miyar gyaɗar tamu ma ba irin taku ba ce, ruwa-ruwa take, ba ganye, tuwon na zaune a tsakiyarta, kuma ranar Lahadi aka fi cinsa a gari. A gidajen zango kuwa kuka da kuɓewa da daddawa ba sa yankewa. Idan kin zo yin bidiyon miyar, ki rubuta "irin ta Kano" a layin farko, don kada 'yar Aboabo a Kumasi ta ga alayyahu a ciki ta zaci kuskure kika yi.