Masu kallo dubu uku, ɗinki bai ƙaru ba

Malam, ina da shagon ɗinkin mata a Mabera, Sakkwato, keke biyu, ni da yarinya ɗaya. Ƙanena ke sa min hotuna a WhatsApp da Facebook, wani bidiyon ma mutum 3,000 suka kalla, amma aiki bai ƙaru ba. Ina son jadawalin mako wanda zai sa in yi suna da sauri.

Hajiya, ajiye maganar suna tukuna. Kuskurenki ɗaya ne, kin damƙa bakin shagonki ga wanda bai taɓa buɗe littafin aikinki ba. Ƙanenki bai san ɗinki nawa ke jiran ki ba, bai san wanne ke kawo riba ba. Abin da zai tara masu kallo shi yake sawa, kuma yawancinsu ba za su taɓa tako Mabera da atamfa a leda ba. Ya riƙe waya ya ɗauki hoto, ba laifi. Abin da za a sa kuwa, da ranar da za a sa shi, ke za ki yanke.

Na san wata mai ɗinki a nan garin da ɗan yayarta ya sa bidiyon wata doguwar riga mai duwatsu ana saura mako uku Sallah. Bidiyon ya yaɗu, ta karɓi ɗinki kusan sittin alhali ƙarfinta bai wuce goma sha biyar a mako ba, ga shi aikin duwatsu yini guda yake ci. Daren Sallah mata suka cika ƙofar shagon suna karɓar yadinsu a yanke, ba a haɗa ba. Tsofaffin kwastomominta na shekaru su suka fara guduwa.

Don haka daga littafi jadawali ke fitowa. Ran Juma'a da yamma ki duba: a ce ƙarfinku ɗinki 12 ne a mako, an riga an kawo 9. Gurbi uku ke nan kike tallatawa, kuma ki cike su da abin da ya fi riba. In riga da siket na naira 7,000 na cin rabin yini, mai duwatsu ta 10,000 na cin yini cur, to riga da siket za ki tura gaba.

Ki ja layi bakwai a shafi guda, kowace rana da layinta, da gurbin abin da za a sa, da na waɗanda suka yi magana, da na waɗanda suka kawo ɗinki. Asabar ki sa riga da siket da kika gama, gaba da baya, da kuɗin ɗinkin a rubuce. Kada ki ce a biyo ki ta saƙo a ji kuɗi, mace mai kunya wucewa za ta yi. Lahadi ɗan bidiyo na kusa, ki juya rigar ciki a ga kalmasa da yadda zif ya kwanta. Wannan na fi so a duk makon, domin wadda tela ya taɓa ɓata wa leshi cikin riga take dubawa kafin wajenta. Litinin ki koyar da abu ɗaya, misali atamfa yadi shida me da me za ta fitar. Talata sanarwa ce tsirara: saura gurbi uku, a kawo kafin Alhamis, a ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Laraba saƙon kwastomar da ta ji daɗi, bayan kin nemi izininta kin goge suna da lamba. Alhamis kayan da aka goge aka rataye, suna jiran masu su a ranar da aka yi alkawari. Juma'a gaisuwa ta isa.

Hotunan duka ki ɗauke su a zama ɗaya da safe a bakin ƙofa, kafin ranar Sakkwato ta yi tsiri ta wanke launin kaya. Ki riƙa sawa bayan Isha'i. Abin da aka sa a Status awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka na kuɗi da na kalmasa ki ajiye su a Facebook ma. Matar aure kuwa ba a sa hotonta sai da yardarta, kayan amarya da anko ba sa fita sai an gama biki.

Duk wadda ta shigo da ɗinki ki tambaye ta a ina ta gan ki, ki rubuta a layin ranar. Bayan mako huɗu, ranar da layinta ya zauna fayau ki sauya abin da ake sawa. In gurbin uku sun cika tun Talata, Laraba ki rubuta cewa an cika, sai mako mai zuwa, ki fara karɓar sunaye.