Amsar Anti kan auna BMI na wanda aka yanke wa ƙafa

Tambayar da aka tura a gurup: "Anti barka da dare. Akwai wani dattijo mai ciwon suga da ke zuwa wajenmu nan Daura, an yanke mashi ƙafar hagu, kilo 70, tsawo mita 1.68. Na buga BMI ya ba ni 24.8, amma ni a ido ina ganin mutumin yana da jiki. In rubuta haka nan?"

Muryar Anti, kamar yadda aka kwafe ta:

To assalamu alaikum, ƙanwata kin ji ni, kar ki rubuta. Idonki ya fi sikelin gaskiya a nan. Shi BMI ai kin sani, nauyi ne a raba da tsawo sau tsawo, kuma waɗanda suka yanka iyakokin nan, ƙasa da 18.5 rama, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba, da mutum mai gaɓoɓi cikakku suka yi lissafi. Ke kuma kin ɗauki tsawon mutum cikakke kin haɗa da nauyin da aka rage wa ƙafa guda, dole lambar ta faɗo ƙasa. Sai an maida mashi nauyin ƙafar a takarda tukuna.

Kowace gaɓa tana da kasonta a jiki. Jadawalin da masu harkar abinci mai gina jiki suka fi riƙo da shi na Osterkamp ne, na 1995. Ƙafa gaba ɗaya tun daga ƙugu kashi 16 ce cikin 100. Daga gwiwa zuwa ƙasa, wato ƙwauri da tafin ƙafa, 5.9. Tafin ƙafa kaɗai 1.5, cinya kaɗai 10.1. Hannu gaba ɗaya daga kafaɗa 5. Waɗannan ki rubuta su a bayan katin aikinki, su ne kike haɗuwa da su kullum.

Yanzu ba ki gaya mani a ina aka yanke ba, kuma nan ne maganar take, amma bari mu ɗauka duka ƙafar ce daga ƙugu. Kilo 70 ɗin nan da sikeli ya nuna ba shi ne duk mutumin ba, kashi 84 ne nashi, tunda 16 sun tafi. Sai ki raba 70 da 0.84, kalkuleta zai ba ki 83.3. Tsawonshi 1.68 sau 1.68 ya zama 2.82. Ki raba 83.3 da 2.82, kin samu 29.5. Kin gani ko? Mutumin da kike shirin rubuta wa lafiya lau, saura ƙiris ya taka 30, ga ciwon suga, ga ƙafa ɗaya tal da ke ɗauke da duk wannan nauyin.

Kuma don Allah raba ake yi, ba ƙari ba. Na sha ganin yara suna ɗaukar 16 cikin 100 na 70 su ɗora a kai, su ce 81.2. Ba haka ba ne, kashi 16 ɗin na asalin nauyin ne kafin yanka, ba na abin da ya rage ba. Kilo biyu kenan kika zubar, kuma in ƙafa biyu ce kuskuren sai ya fi haka nesa.

To amma tsaya, ƙafa duka daga ƙugu ba kasafai ake cirewa ba, yawanci akwai dungu. In a ƙasan gwiwa ne, ki raba 70 da 0.941, ki samu 74.4, BMI ya zama 26 da ɗan wani abu. Shi ma ya haura 25. In a saman gwiwa ne, ki ɗauki 5.9 ki ƙara da abin da aka cire na cinya. Ki sa tef ki auna dungun, ki auna cinyar mai lafiya, in rabi ya rage to kamar 5 kenan, jimla wajen 11, sai a raba da 0.89, kilo 78.7, BMI kusan 28. Ƙiyasi ne fa, don naman cinya ya fi yawa a sama, kuma dungu yana shanyewa da daɗewa. Amma ki lura, ta ko'ina kika bi dattijon nan ya wuce 25.

Abin da ya sa kika ji ina ɗaga murya, akwai wani bawan Allah da na sani nan Katsina, babur ya kaɗe shi, aka kai shi wajen mai ɗori aka ɗaure ƙafar tamau har ta lalace, ƙarshe aka yanke a saman gwiwa. Daga baya suga ta kama shi. Duk zuwan da zai yi wani wuri da ba zan kira suna ba, a ɗora shi a sikeli, a buga, a ce Malam nauyinka daidai yake. Matarshi kuwa tausayi, safe koko da suga, rana fura, dare tuwo malmala biyu, shi kuma ba tafiya, yana zaune ƙofar gida wuni guda. Ya yi ƙiba har ƙafar robar ta daina shigarshi, kofin da dungun ke zama ciki ya matse shi ya yi mashi gyambo. Mai suga da gyambo! Na buɗe katin nan na ga an jera lambobi 23, 24, 24, ba wanda ya taɓa rubuta cewa mutumin nan ƙafa ɗaya gare shi. Kuma wata ranar ma da ƙafar robar aka auna shi, wata ranar babu, wata ranar yana dafe da sanda, to ta yaya za ka gane ya ƙaru ko ya ragu? Lissafin minti ɗaya ne fa, kowa da waya a aljihu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don an... kai, bari dai in bar shi nan.

Shi ya sa kafin ki taɓa kalkuleta ki gyara awon kanshi. Ya cire ƙafar roba, ko ki auna ta daban ki debe. In ba ya iya tsayuwa a auna shi a kujera ko keke a debe nauyinsu, kar ya jingina da sanda ko kafaɗar ɗanshi, wani kaso na nauyin can zai tafi. Tsawo kuma asalin tsawonshi ake sawa. Mai ƙafa ɗaya ana iya auna shi a tsaye in an tallafe shi ya miƙe sosai, wanda ya rasa biyu kuwa ki sa ya ware hannuwa ki auna daga kan dogon yatsa zuwa ɗayan, yana zuwa kusa da tsawon mutum.

Wani abu kuma kar in manta, 83 ko 78 ɗin nan na BMI ne kawai, don a san ajin da yake. Kar wani ya ɗauka ya lissafa magani da shi, jikin da ke gabanki kilo 70 ne, maganar magani ki bar wa likita da mai haɗa magani. Kuma in ƙafar da ta rage ta kumbura, ruwa ne sikeli ke aunawa, BMI ɗin ba abin dogaro ba ne ranar. Ni nakan haɗa da tef a tsakiyar damtse, in ya gaza santimita 23.5 akwai alamar rama, in ya haura 32 akwai alamar ƙiba, in tef da lissafi suka saɓa sai in sake awon.

A katin ki rubuta duka biyun, nauyin sikeli da wanda aka gyara, da kason da kika yi aiki da shi, da cewa ba ƙafar roba, don wadda za ta karɓe ki ta bi hanya ɗaya. Gobe in ya zo ki duba mani inda aka yanke da tsawon dungun ki turo, sannan ki cire mashi takalmi ki duba tsakanin yatsun ƙafar daman nan da kyau.