Gano wanda aka saka sau biyu a jadawalin aiki

Tambaya: "Ina tsara jadawalin masu gadi a Excel, amma nakan saka mutum ɗaya sau biyu rana guda. Yaya zan gane?"

A ce kwanan wata na layin A, sunaye daga B2 zuwa E32. Zaɓi B2:E32, ka shiga Conditional Formatting, New Rule, "Use a formula", ka rubuta:

```
=COUNTIF($B2:$E2,B2)>1
```

Ka ba shi ja. Kula da alamar $ ɗin nan: idan ka rubuta $B$2:$E$2, ranar farko kaɗai zai riƙa dubawa. Kuma "Musa" da "Musa " mai tazara a ƙarshe, mutum biyu ne a wurinsa, shi ya sa na fi son a zaɓi suna daga Data Validation. Gurbin da ba kowa kuwa, `=B2=""` da ruwan ɗorawa ya wadatar.