Shafina na turaren wuta ya zama gauraye, ina zan kamo bakin zaren?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra a Instagram. Yau in sa hoton kaya, gobe bikin ƙawata, jibi in rasa abin sawa, sai in yi mako biyu shiru. An ce mini in yi "ginshiƙan shafi". Mene ne su? Daga wata 'yar'uwa a Maiduguri.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ginshiƙan shafi batutuwa ne uku ko huɗu da za ki zaɓa ki ce a kansu kaɗai shafin nan zai riƙa magana. Duk abin da za ki ɗora, sai kin tambayi kanki: wannan a ƙarƙashin wane yake? In bai da gurbi, ba na shafin kasuwanci ba ne. Hoton bikin ƙawarki ya tafi shafinki na kanki.

Ga sana'arki, uku zan ba ki shawara, kuma kada ki ƙara a kansu tukuna. Na farko kaya da farashi: kwalbar, girmanta, kuɗinta, da yadda ake turawa wani gari. Na biyu koyarwa. Na uku shaidar waɗanda suka saya.

Koyarwar nake so ki fi riƙewa, domin ita yawancin masu sayarwa ke tsallakewa, alhali ita ke sa a zauna da shafi. Mace ba kullum take da kuɗin sayen humra ba, amma kullum tana son sanin me ya sa turarenta ke ƙauri. Ki ɗauki bidiyon daƙiƙa 30: ga kasko, ga garwashi ja jawur, ki nuna yadda ake bari ya ɗan yi toka kafin a barbaɗa, da abin da ke faruwa in an zuba da yawa. Wata rana ki nuna bambancin hawi da sandal. Wata rana dalilin da ya sa ba a ajiye humra inda rana ke dukanta. Wadda ta koyi wannan a wajenki, ranar da aka sa bikin ƙanwarta ke za ta tuna.

Akwai gwajin da nake sa mutane su yi kafin su tsayar da ginshiƙi. Ki ɗauki takarda da biro, ki rubuta abubuwa 10 da za ki iya ɗorawa a ƙarƙashinsa a zama ɗaya. In kin cije a na huɗu, batun ya yi ƙunci, ki haɗe shi da wani. In kuma komai yana shiga cikinsa, kamar a ce "harkar mata", ya yi faɗi, ba zai hana ki komawa gidan jiya ba. Kuma bidiyo ko hoto ba ginshiƙi ba ne, mazubi ne kawai. Batun da ke ciki shi ne ginshiƙin.

Sai rabon kwanaki. A ce sau 5 a mako: Litinin da Alhamis koyarwa, Talata da Asabar kaya, Juma'a shaida. In 5 sun yi miki yawa, 3 ma sun wadatar, ɗaya daga kowane. Ki ware yammacin Lahadi ki ɗauki na mako gaba ɗaya, ki jera su a Planner na manhajar Meta Business Suite, kyauta ce, su riƙa fita da kansu a ranar da kika sa. Nan ne maganin shirun mako biyu. Azumi da sallah da lokacin bukukuwa ba sa buƙatar sabon ginshiƙi. "Turaren kayan sallah" kaya ne, "yadda amarya za ta turara lefenta" koyarwa ce.

Wajen shaida ina roƙonki abu guda: ki nemi izinin mai saƙon, ki rufe sunanta da lambarta kafin ki ɗora. Na sha ganin an sa hirar WhatsApp da lambar matar aure a fili, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Bayan mako 6, ki buɗe Insights, sashen Instagram da ke nuna alƙaluman abin da kika ɗora, wanda sai kin mayar da shafin Professional account, wato na kasuwanci, tun daga farko zai tara miki su. Kada yawan masu danna alamar so ya ɗauke miki hankali. Ki duba wane ginshiƙi aka fi adanawa da turawa wasu, kuma wanne ke jawo saƙon "nawa ne?". In koyarwa na samun turawa amma ba a tambayar farashi, ki riƙa faɗin sunan turaren da kika yi amfani da shi a ƙarshen kowane bidiyo. In shaida ce ba ta motsi, ki sauya mazubinta, daga hoton rubutu zuwa muryar mai sayen, ki ba ta tsawon wata guda kafin ki yanke shawarar cire ta.