Gwajin jinin awo: inda ya kamata kuɗinki ya tafi

"Anti, lafiyata ƙalau, amma a wajen awo an rubuta min gwajin VDRL. Maigida ya ce cin kuɗi ne kawai. In bari?" Daga Mile 12.

Ki tambayi maigida nawa ya kashe a ankon bikin da ya wuce. Gwajin tunjere ne, cutar da kan yi shekaru a jiki babu ko ƙurji, alhali tana ratsa mabiyiya ta taɓa ɗan da ke ciki, a yi ɓari, ko bakwaini, ko a haifi gawa. In an same ta, maganinta allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki, sau ɗaya in sabon kamu ne, sau 3 mako-mako in ba a san yaushe ta shiga ba. Ana son a yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. Maigida ma a duba shi a yi masa, har abokiyar zama in akwai, in ba haka ba cutar ta dawo.

"Cikina wata shida, takardata ta nuna HBsAg, an ce ciwon hanta ne nau'in B. Barci ya ƙaurace min. Wani ya ce jiƙonsa zai wanke min jini. In saya?" Daga Agege.

Kwantar da hankalinki, 'yata. Yawanci wajen haihuwa jariri ke ɗaukar cutar, kuma ana iya tare ta. Abin gudu shi ne, cikin jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 za su riƙe ta har girma, ta yi ta cin hanta a ɓoye.

Don haka a yi masa rigakafin hanta cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira suna. Kyauta ce a asibitin gwamnati, sai a bi da na mako 6, 10 da 14. Akwai allura ta biyu, HBIG, mai ba jariri garkuwa nan take, ita saye ake yi kuma da tsada, ki fara adashinta yau. Ki kuma yi gwajin yawan ƙwayar cutar; in ta yi yawa, likita zai ɗora ki a kan tenofobir, maganin rage ƙwayar cutar, wajen wata na bakwai.

Jiƙon nan fa, kada ki kuskura. Na gaji da masu jarka da lasifika a tasha, magani ɗaya na basir, na hanta, na sanyi. Hantar da ke fama ita za ta tace wannan ruwan, ga kuɗin allura ya tafi. Haka masu cewa za su samo HBIG da araha a kasuwa. Abin firji ne. Kwalbar da ta yi awa uku a aljihu cikin danfo da cunkoson Ikorodu Road, ba mai ba ki tabbacin tana aiki, kuma ido ba ya ganewa. Ta hannun asibitin da za ki haihu za ki saya, ki tambaye su tun awo na gaba ko suna ajiye ta, har daren Lahadi.

Nono kuwa ki ba shi abinsa. In ya kai wata 9 zuwa 12 a gwada jininsa.