Fi'ili ɗaya ya wadatar

Tambaya daga Tudun Wada, Gombe: "Malamina ya ce labarina ya cika 'sosai' da 'ƙwarai'. Idan na cire su, yaya mai karatu zai ji halin da mutumin ke ciki?"

'Yar'uwa, ki fara duban fi'ilin jimlar. Galibi idan kika ga bayanau sun taru, fi'ilin ne rago, irin su "tafi", "yi", "duba". Ɗauki wannan: "Ta shiga ɗakin a hankali ƙwarai, cikin tsoro sosai, ba ta so kowa ya ji." Ki tambayi kanki: me jikinta yake yi? Ta saɗaɗa ɗakin. Shi ke nan. Saɗaɗawa ta ƙunshi sanɗa da fargaba da ɓoyewa, ba sai kin lissafa su ba. Haka "ya dube ta da fushi sosai" zai koma "ya harare ta".

Amma kada ki ɗauko kalma don kawai tana da armashi. Harara da ƙura ido ba ɗaya ba ne; wanda ya ƙura wa mutum ido ƙila mamaki ne ya kama shi, ƙila so. Idan kika musanya su, kin canza labarin. Gwajin mai sauƙi ne: karanta wa ƙanwarki jimlar, ki tambaye ta me mutumin yake ji. In ta faɗi daidai, bar "sosai" a waje.